Amsa kan rubutunki na dalar gyaɗa

Malama Hadiza,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya mutanen gida?

Rubutunki mai taken "Ina Dalar Gyaɗar Kano Ta Tafi?" ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Gara in faɗa miki tun farko don kada ki yi ta jira: ba za mu buga shi a yadda yake ba. Amma ban ajiye shi gefe ba, domin akwai labari mai kyau a ciki, sai dai kin binne shi a shafi na huɗu.

Ina nufin hirarki da Baba Ɗan'azumi, tsohon ɗan dakon da ya ce ya ɗauki buhu a filin Ƙofar Mazugal yana saurayi. A sakin layi biyu kacal kika ba shi wuri, kuma a nan ne kaɗai na ji ina karanta abin da ban taɓa karantawa ba: yadda ake jera buhunan ƙasa da faɗi, yadda mutum ke hawa da buhu a ka yana taka na ƙasa, yadda ake lulluɓe dalar da tamfal kafin ruwa ya sauko. Kin ce ya nuna miki kantar da ke wuyansa har yau. Daga nan sai kika bar shi, kika koma kan "shugabanninmu sun gaza". Wannan kowa ya faɗa, kuma mai karatu ya gaji da jinsa. Wuyan Baba Ɗan'azumi kuwa ke kaɗai kika gani. Ki koma wurinsa ki zauna sosai. Nawa ake biyansa a kan buhu? Wa ke biya? Me yake yi da rani idan kaka ta wuce? Wace shekara ce ya je filin ya tarar babu aiki? Da shi za ki buɗe rubutun, shafi ɗaya da rabin nan na gabatarwa kuma, mai farawa da "tun fil azal Allah ya albarkaci Arewa", ki cire shi gaba ɗaya. Na san zai yi miki zafi, don a bayyane yake kin ɓata lokaci wajen tsara shi.

Sai batun tarihi, inda ba ni da sassauci. Kin rubuta cewa Alhassan Ɗantata ya ga rushewar dalar da idonsa a shekarun 1970. Ya rasu a 1955, lokacin da kasuwar gyaɗa ke tashe. Kuskure irin wannan guda ɗaya ya isa mai karatu Bakano ya daina yarda da sauran abin da kika faɗa, kuma mu za a kira a waya, ba ke ba. Haka nan kin nuna kamar an gina dalar ne don ado ko alfahari. Ajiya ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe bayan nan, kuma abin da ake saye a kaka ya fi ƙarfin abin da taragun jirgi ke iya kwashewa zuwa tashar ruwa ta Legas. Sai buhuna su taru suna jiran layi. Wato tsawon dala yana nuna yawan amfani, yana kuma nuna jinkirin sufuri. Wannan bayanin zai ƙara wa rubutunki armashi, domin yawancin matasan da ke yaɗa hotunan dalar ba su san shi ba.

Babban raunin rubutun shi ne kin ɗora komai a kan man fetur. Gaskiya ne kuɗin fetur ya janye hankalin gwamnati daga noma, amma shi kaɗai bai isa amsa ba. Ba ki ambaci farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ba, wanda ya yi tsanani a 1973. Ba ki ambaci annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 ba, cutar da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, wadda ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa, har manoma da yawa suka koma gero da dawa da wake. Ba ki taɓo hukumar cinikin amfanin gona ba, wadda ita ke yanke farashi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya, har aka rushe irin waɗannan hukumomi a 1986. Kuma kin rubuta cewa "an daina noman gyaɗa", alhali Najeriya tana cikin manyan masu noma ta a Afirka har gobe. Abin da ya canja shi ne inda take zuwa: injinan matsar mai, da mata masu ƙuli-ƙuli, da kasuwanni irin Dawanau. Ki leƙa Dawanau da safe ɗaya, ki tambayi dillalai biyu ko uku daga ina kayansu ke zuwa, ina kuma suke tafiya. Idan kina son bayanin cutar da sababbin iri, masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun daɗe a kan gyaɗa.

Akwai wurare biyu da dole su fita ko su sami madogara. Na farko, adadin nan na cewa "kashi casa'in cikin ɗari na mutanen Kano" sun dogara da gyaɗa. Daga ina? Idan a littafi kika gani, ki gaya mini wanne da shafinsa. Idan ji kika yi ana faɗa, ki cire. Na biyu ya fi nauyi: kin kama sunan wani ɗan kasuwa kin ce ya sayar da filin dala ya ci kuɗin, hujjarki kuma "ana cewa". Ba ma buga zargi a kan "ana cewa". Mutumin yana da iyali, mu kuma muna da kotu a gabanmu idan muka yi sakaci.

Hausarki tana da daɗi idan kika sake ta. Inda kike ba da labarin tsohon nan, jimlolinki gajeru ne, suna tafiya. Inda kika shiga sharhi kuwa sai su miƙe, har na ƙirga wata mai layi bakwai babu aya. Karanta shi da ƙarfi, duk inda numfashinki ya yanke, sa aya. Karin magana biyar sun yi yawa a rubutu ɗaya. Zaɓi ɗaya da ta fi zama daram. Ki kuma kula da haruffa masu lanƙwasa, don kusan ko'ina kin rubuta "gyada" da "kasa". Wannan mai gyaran rubutunmu zai iya kamawa, amma ya fi kyau ya zo daga hannunki a gyare.

Ga abin da nake so. Ki sake shi kada ya wuce kalma 1,500, Baba Ɗan'azumi a gaba, dalilan ɓacewar dala a tsakiya, Dawanau ta yau a ƙarshe. Ki nemi izininsa kafin mu sa sunansa da hotonsa, ki kuma karanta masa abin da kika rubuta daga bakinsa ya tabbatar. Idan ya iso mini kafin ƙarshen watan gobe, zan ajiye masa wuri a fitowar da za ta zo daidai da kaka. Kuɗin motar zuwa Dawanau da Ƙofar Mazugal ki rubuta, ofis zai mayar miki.

In akwai inda kike ganin ban yi miki adalci ba, musamman kan gabatarwar nan, ki zo ofis ranar Talata bayan Azahar mu duba tare. Ki taho da littafin da kika rubuta hirar a ciki, ina son ganin abin da kika bari a waje.

Ki gaida Baba Ɗan'azumi.

Wassalam,
Malam Kabiru
Edita, sashen tarihi da al'adu