Allon Kwanar Ɗangora

Sadisu ya daɗe yana yaron mota kafin Alhaji Mudi ya damƙa masa makullin motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta. Hannunsa ya faɗa da tuƙi, kowa a tasha ya shaida. Boko kuwa a aji biyu na ƙaramar sakandare ya ajiye shi, don haka karatunsa na Turanci na tsinkaye ne, da ya ga farkon kalma da ƙarshenta sai ya cike tsakiyar da ka.

Wata ranar Laraba cikin hunturu aka yi masa lodin tumatir a Kwanar Gafan, kwando sittin, zai kai Kaduna. Bayan sallar isha'i ya hau titin Kano zuwa Zariya, Ɗanliti yaron motarsa na gefe yana gyangyaɗi. Lokacin ana tsaka da aikin sake gina titin, ga hazo ya sauko har fitila ba ta cin nisa.

Sun kusa Kwanar Ɗangora sai fitilar ta haska wani allo a gefen hanya. Sadisu ya yi masa kallo ɗaya, ya karanta DIVISION. Wannan kalma ya san ta, kullum yana ganinta a bangon ofishin 'yan sanda na unguwarsu.

"Ɗanliti, tashi! 'Yan sanda ne a gaba. Miƙo min takardun mota."

Ɗanliti ya hau lalube cikin duhu. Sadisu ya sassauta kaɗan, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana karɓar takardu, idonsa na can gefen titi yana neman inda za a ɗaga masa tocila. Bai lura da durom-durom da aka jera don a karkata zuwa ɗaya hannun ba. Ya bi ta tsakaninsu ya miƙe. Kwalta ta ƙare, motar ta faɗa inda aka kankare titi, tayar gaba ta fashe, igiyar lodi ta tsinke. Allah ya kiyaye rai, amma kwando tara sun kife a cikin jar ƙasa.

Wani dattijo mai gadin kayan aikin titin ya iso da tocila, ya taya su tsince abin da zai tsintu.

"Yaro, ba ka ga allo ba ne?"

"Na gani, Baba. Ai ofishin 'yan sanda ya ce."

Dattijon ya kama hannunsa, suka taka har gindin allon, ya dalle shi da tocila. "Ni ban yi boko ba. Amma duk wanda ya zo nan kaucewa yake yi. Sake dubawa."

Sadisu ya bi baƙaƙen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. DIVERSION. Akwai E da R a tsakiya, inda shi ya sa I. Bai san ma'anarta ba. Ya ciro biro ya kwafe ta a bayan takardar lodi.

Sai washegari da yamma ya dawo Kano. Alhaji bai yi faɗa ba, ya ce za a riƙa cire kuɗin tumatir da na taya daga sallamarsa har a biya. Wannan shirun ya fi zagi yi wa Sadisu ciwo.

Da daddare ya sami ƙanwarsa Hajara tana aikin makaranta, ya miƙa mata takardar. Maimakon ta gaya masa, sai ta jawo ƙamus na Turanci da Hausa wanda bangonsa ya yage, ta ɗora masa a cinya.

"Yaya, nemo da kanka. Ka fara da D, sai I, sai V. Dubi kalmar da ke saman shafi, ita za ta gaya maka ko ka wuce."

Sau biyu yana wuce wurin. Da ya samu, sai ya ga kalmomin biyu kusa da juna, ɗaya tana nufin rabo ko sashe, ɗayar kuma karkatar da hanya.

"Ashe su 'yan sandan ma sashe suke nufi," in ji shi. "Ni duk zamana na ɗauka sunansu ne."

Tun daga ranar ya ajiye ɗan littafi a aljihun mota. Duk allon da bai gane ba sai ya sa Ɗanliti ya kwafe, in sun dawo ya duba. Ta haka ya san na gada mai ƙunci da na hana wuce mota, waɗanda a da yake bi ta gabansu a guje. Direbobin tasha suka laƙaba masa Malam Ƙamus, yana amsawa kuwa.

Ranar da ya gama biyan bashin, Alhaji ya ƙirgo masa sallamarsa cif, ya ce akwai lodin albasa da asuba.

"To, Alhaji. Amma yau zan tashi da wuri. Hajara za ta fara jarrabawa tana son ƙamus ɗinta, zan shiga Sabon Gari in sayi nawa kafin a rufe kasuwa."