Kobon da Ya Ɓace

Wuta ta ɗauke tun bayan sallar isha'i, don haka da fitilar waya Hadiza ke duba takardunta a tsakar gida, kwamfuta a cinya. Gobe Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, za a ƙaddamar da manhajar da za ta riƙa raba wa manoman riɗi kuɗinsu. Watanta uku kacal da fara aikin gwaji.

Ta saka ₦100,000, ta raba wa mutum uku. Kowa ya samu 33,333.33. Ta haɗa da biro a bayan wani tsohon kati: 99,999.99. Kobo ɗaya babu. Wa ya ma ga kobo da idonsa a zamanin nan? Amma ta buɗe fayil ɗin, ta ga layin:

```
kaso = round(jimla / adadi, 2)
```

Kowane kaso ana datse shi shi kaɗai, ragowar ba ta da mai ita.

Ta daɗe tana juya wayar kafin ta kira shugabanta.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, dare ya yi."

"Hadiza, a kan kobo kika tashe ni?"

"Malam, kowane rabo sai ya zube. Ƙarshen wata littafin ƙungiya ba zai yi daidai da na banki ba, kuma ma'aji za a tuhuma."

Shiru. Can ta ji ƙarar buta, da takun silifa.

"A mayar da lissafin duka zuwa kobo, ragowar a ɗora wa na farko. Turo min lambobin."

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Ke, sauro bai ishe ki ba?"

"Saura kaɗan, Inna," ta ce, tana saka mutum bakwai.