Ƙanwata, ga gyaran wasiƙar da za ki kai wa shugabanki

Assalamu alaikum ƙanwata. Ina fatan kin wuni lafiya, ya aiki?

Na karanta wasiƙar da kika turo mini har sau biyu. Da ban san labarin kwamfutar nan tun ranar da ta mutu ba, da ban gane abin da kike nema ba. To ina ga mutumin da takardu suka cika masa tebur, wanda kallo ɗaya zai yi mata? Ga abin da kika rubuta:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ka yi haƙuri da damun ka da na yi. Dama dai kawai ina so ne in ɗan tuna maka maganar kwamfutata. Ina ganin kamar tana ɗan ba ni matsala, kuma wataƙila hakan zai iya shafar rahoton wata. Ko zai yiwu a ɗan duba, in an samu hali? In ma ba hali ba komai."

Ki dubi Allah, kwamfutar da ta yi mako uku ba ta kunnuwa ita ce "kamar tana ɗan ba ki matsala"? Ke da kike jira sai abokiyar aikinki ta tashi ƙarfe huɗu kafin ki ari tata, ki kai magariba a ofis? "Ina ganin" ta abin da mutum ke hasashe ce. Wannan kuwa kin sani, kuma mai gyara ya duba ya ce ba ta gyaruwa. In kika ce kina gani ne, kin mayar da abin da ya faru ra'ayinki, shi ma sai ya ce nasa ganin daban.

"Kawai" da "ɗan" aikinsu ɗaya, ƙanƙantar da buƙata. Sau uku kika sa "ɗan" a 'yan layukan nan, shi kuwa zai ɗauki maganar a girman da kika ba ta. "Wataƙila" kuma ba gaskiya ba ce a nan, domin da bakinki kika faɗa mini rahoton ba zai kammalu ran 28 ga wata ba muddin ba a canza na'urar ba.

Amma wadda ta fi ci mini rai ita ce ta ƙarshe. "In ma ba hali ba komai." Kin rubuta masa amsar ƙi da hannunki, kin miƙa masa. Kuma akwai komai! Ranar da rahoto ya makara ke za a kira, ba wanda zai tuna cewa kin taɓa ɗan tuna wa wani.

Na san tsoronki, kada a ce yarinya sabuwar zuwa ba ta da ladabi. Ni ma na yi shekaru ina rubutu haka, ina mamakin yadda ake biya wa wasu buƙata ni ana ce mini a dakata. Shi ya sa ban taɓa gaisuwarki ba, na kuma ƙara miki "don Allah" da godiya. Nan ladabin yake, kuma ba ya rage wa magana nauyi. Ban haƙurin farko na cire, tunda ba laifi kika yi ba, kayan aikin ofis kike nema don aikin ofis. Ga yadda ta koma:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Kwamfutar da nake aiki da ita ta daina kunnuwa mako uku da suka wuce, kuma mai gyara ya tabbatar ba za ta gyaru ba. Tun lokacin aron ta abokiyar aikina nake yi bayan an tashi. Da wannan tsari rahoton wata ba zai kammalu ran 28 ba. Don Allah ina roƙon ka amince a ba ni wata kafin Litinin, 21 ga wata. Na haɗa da takardar mai gyaran. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Ki karanta ta da ƙarfi ki ji, ko akwai inda kika raina shi? Yanzu ya san abin da ya faru, ya san abin da zai sa wa hannu, ya san ranar.

In ya tambaye ki wani abu da ba ki da tabbas a kansa, misali ko za a iya ceto fayilolin da ke cikin tsohuwar, to nan ki ce wataƙila, domin gaskiyar ke nan.

Ki kai masa gobe da safe kafin ya shiga taro. Kuma in kin tsaya a gabansa, kada ki mayar da baki abin da muka goge a takarda. Ki gaishe shi, ki miƙa, ki yi shiru ya karanta. Ki kira ni da rana in ji yadda kuka yi.

Yayarki.