Ramin Akuya

A unguwarmu ta Garwa, ba zakara ke tayar da mu ba. Iya Talatu ce da Gwaggo Hansatu. Da an sallame asuba, sai ka ji tsintsiya ta wannan gefen danga, wata tsintsiyar ta amsa daga wancan.

"Bazazzagiya, kin kwana ko an kai ki?"

"Na kwana, Bakanuwa. Wa zai mutu ya bar ki da bashin gishirinsa?"

Ba wadda ta taɓa taka Kano ko Zariya a cikinsu. Kakanninsu ne suka zo fataucin goro suka zauna a bakin Binuwai, amma wasan Kanawa da Zage-zagi suka gada kamar tukunyar gado. Iya ta ce miyar yakuwar Gwaggo ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya faɗa ciki. Gwaggo ta ce ƙosan da Iya ta yi shekara 30 tana sayarwa a bakin kasuwa shi ya ƙarar da haƙoran rabin garin. Babbar rigimar kuwa ta akuyar Gwaggo ce, wadda ta ci zanan dangar har ta yi rami a ƙasa. Tun ambaliyar 2012 da aka sake kafa dangar ake shari'ar ramin nan, ba a yanke ba.

Ni jikar Iya ce, kuma ni kaɗai na san abin da ke bi ta ramin.

Duk ranar Juma'a Iya takan ƙulle sefa 500 a bakin zanena ta ce in kai wa mai itace, ya sauke dami a ƙofar Gwaggo, ya ce saƙon ɗanta ne daga Yawunde. Ɗan nan ya fi shekara bai aiko ko sisi ba. Ita kuma Gwaggo, tun da idon Iya ya fara hazo, takan kira ni da yamma ta miƙo min kwanon gero tsintacce, ba tsakuwa ko ɗaya, ta karɓi namu. "In kika faɗa mata, sai na tsinke miki kunne." Kowacce ta saye bakina da alewa, ni kuwa na ci riba biyu.

Wata safiya a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce 40 har bango ya kwana da ɗumi, tsintsiyar Gwaggo ta yi ta shara ita kaɗai.

"Bakanuwa, yau lalaci ne?"

Shiru.

"Talatu?"

Ban taɓa jin ta kira sunan ba. Ina tsaye da buta, ban san abin yi ba, Iya na kwance jikinta kamar garwashi. Zagayowa ta ƙofa da nisa ga mai ciwon gwiwa. Sai na ga zana yana motsi, ga kan Gwaggo ya ɓullo ta ramin akuya, ɗankwali ya maƙale a kara, tana jan jiki tana salati. Ta taɓa goshin Iya, ta jiƙa zane ta lulluɓa mata, ta daka min tsawa in kira mai babur.

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ga ƙarancin ruwa a jiki. Kwana uku Gwaggo na kan tabarma a gindin gado, tana fifita, tana ba ta kunu cokali cokali. Kuɗin magani ban ga inda ya fito ba. Da muka dawo gida dai na ga turken akuya babu kowa.

Iya ma ta gani. Ta daɗe tana kallon turken ta saman danga, carbi a hannu.

"Ina ɓarauniyar taki?"

"Na gaji da ita. Ta koyi halin maƙwabta."

Iya ba ta ce komai ba. Ranar kasuwa ta ciro 'yan kunnenta na aure daga ƙasan adaka ta ba kawuna, suka yi ƙus-ƙus. Washegari aka ga 'yar akuya ja ɗaure a turken Gwaggo, wai ɗanta ne ya aiko daga Yawunde. Gwaggo ta dubi akuyar, ta dubi kunnen Iya, ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Yaron nan akwai albarka," ta ce. "Har itace yake aiko min duk Juma'a."

Bayan salla kawu ya zo da mai gini, zai ja katangar bulo a madadin dangar. Iya ta ce ba da kuɗinta za a rufe wa Bazazzagiya asiri ba, a bar duniya ta ga yadda take tuƙa tuwo. Gwaggo ta leƙo ta ce in aka yi katanga wa zai riƙa kama ɓarawon gishiri. Mai gini ya naɗe igiyar awonsa ya tafi.

Da daddare na ji ƙarar wuƙa a jikin zana. Da safe ramin ya kai tsayin mutum a sunkuye.

"Kin gani ko?" in ji Iya. "Sabuwar ma ta fi uwar gidanta ci."