Takardar Bita: Lissafin Tafiyar Magani a Jini

Ɗalibaina na harhaɗa magunguna a nan Katsina, ku fara gwada kowace tambaya da biro kafin ku duba amsa.

Tambaya ta 1. An yi wa wani magidanci allurar jentamisin. Da ƙarfe 8 na safe an auna miligiram 8 a kowace lita ta jininsa, da ƙarfe 2 na rana ya koma 1. Nawa ne lokacin raguwa da rabi, wato t½? Idan Vd, wato faɗin bazuwar maganin a jiki, lita 15 ne, nawa ne CL, wato yawan jinin da jiki ke tace maganin daga cikinsa a kowace awa?

Daga 8 zuwa 4, zuwa 2, zuwa 1: sau uku ke nan cikin awa 6.

```
t½ = 6 / 3 = 2 h
k  = 0.693 / 2 ≈ 0.347 /h
CL = 0.347 × 15 ≈ 5.2 L/h
```

Tambaya ta 2. Wata dattijuwa daga Jibiya mai ciwon zuciya, nauyinta kilo 60, ta fara shan digoksin kullum. A ɗauki t½ awa 36. Yaushe maganin zai daidaita a jininta, abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita?

Bayan t½ ɗaya an kai kashi 50 cikin 100, sai 75, sai 87.5, sai kusan 94, a na biyar kusan 97. Shi ya sa muke ɗaukar huɗu zuwa biyar.

```
4 × 36 = 144 h
5 × 36 = 180 h
```

Kwana 6 zuwa 7 da rabi ke nan. To idan an ninka mata maganin fa? A nan da yawanku ke tuntuɓe, kuma abin yana damuna. Lokacin ba zai ragu ko da awa ɗaya ba. Matakin da maganin zai tsaya ne zai ninku, digoksin kuwa tazararsa tsakanin warkarwa da guba ƙanƙanuwa ce. Idan ƙodarta ta raunana har t½ ya kai kwana 4, sai an jira kwana 16 zuwa 20.

Tambaya ta 3. Likita ba zai jira mako guda ba. Yana son maikirogiram 1 na digoksin a kowace lita ta jinin dattijuwar. Vd lita 7 ne a kowane kilo, F na ƙwaya, wato kason maganin da ke isa jini, 0.7. Nawa ne babban kashin farko?

```
Vd = 7 × 60 = 420 L
LD = (Css × Vd) / F
   = (1 × 420) / 0.7 = 600 µg
```

Ku lura CL bai shigo ba, domin nasa aikin yana wajen kashin yau da kullum. Ba a ba da 600 ɗin a tashi ɗaya: rabi da farko, sauran a raba biyu da tazarar awa 6 zuwa 8, ana duba bugun zuciya. Kafin komai a tambayi Hajiya ko ta riga tana shan maganin a gida, a duba sinadarin fotasiyom da aikin ƙoda, domin a mai ciwon ƙoda Vd na digoksin ma yana raguwa, dole kashin farkon ya ragu.