Bayanin satar gida ga kyaftin-kyaftin da masu riƙe tuta kafin gasar kaka

Assalamu alaikum ƙannena. An gama yankan gero, dawa ma ta kusa shiga rumbu, ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar za a take wasan farko a filin firamare. Kwamiti ya sake ɗora mini alƙalanci, ni kuma na ce ba zan hura usur ba sai kowane kyaftin da kowane mai tuta ya karanta wannan, ko an karanta masa. Bara kun ga abin da ya faru a wasan kusa da na ƙarshe: an ɗaga tuta, 'yan kallo suka cika fili, baƙinmu da suka taso tun daga wajen Ringim suka hau baburansu ko sallama babu. Ƙwallon da suka ci ɗin nan halal ce. Har yau abin yana ci mini rai, domin ni na amince da tutar na soke ta.

Satar gida ita ce doka ta 11 cikin dokoki 17 na hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa, kuma da ita ake wasa a Kofin Duniya, da ita za mu yi a nan. Abu na farko da nake so ya zauna a kanku: tsayawa a wurin satar gida ba laifi ba ne. Mutum zai iya tsayawa a can har rana ta faɗi, babu mai hura masa. Laifi sai ya sa kansa cikin wasa.

Ɗan wasa yana wurin satar gida idan yana ɓangaren abokan hamayya, kuma ya fi ƙwallo kusa da layin ragarsu, ya kuma fi mutum na biyu daga ƙarshe cikinsu kusa da layin. Duka ukun sai sun haɗu. In yana gidansu, ko yana kan layin tsakiya, babu komai. In yana bayan ƙwallo, babu komai, ko da su biyu ne kaɗai suka tunkari gola. In yana kafaɗa da kafaɗa da na biyun, babu komai. Tun 1990 aka daidaita haka. Ana auna kai da jiki da ƙafa. Hannu ba ya cikin lissafi, tun daga hammata zuwa yatsu, ko na ɗan gaba ne ko na ɗan baya ko na gola.

Ku lura na ce mutum na biyu daga ƙarshe, ban ce ɗan baya na ƙarshe ba. Mun saba gola shi ne na ɗaya, shi ya sa muke ƙirga ɗan baya guda. Amma a nan dokar ba ta ce gola ba, mutum biyu ta ce. Da can ma uku ne, sai a 1925 aka mayar biyu. Waɗanda suka kalli wasan buɗe Kofin Duniya na 2010 za su tuna Carlos Vela na Mexico ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo aka soke, alhali ga ɗan wasansu tsaye a kan layin raga. Golansu ya fito ya bar gida, saboda haka mutum ɗaya tak ya rage tsakanin Vela da layi. Hukuncin daidai ne. Mu da gololinmu ke son fitowa kamar an kira su, wannan zai faru a filinmu, ku sa ido.

Yanzu ga inda rigimarmu take, wato lokacin da ake aunawa. Ana auna wurin ɗan wasa a daidai lokacin da ƙafar abokinsa ta fara taɓa ƙwallo don ba shi. Ba lokacin da ƙwallo ke sama ba, ba kuma lokacin da ta iso gare shi ba. Bara yaron nan mai lamba 9 yana daidai da ɗan bayanmu sa'ad da aka buga masa doguwar ƙwallo. Yana da gudu kamar barewa, ɗan bayanmu kuwa ya taka gaba yana ɗaga hannu. Kafin ƙwallo ta sauka tazararsu ta kai taku shida. Mai tuta ya bi ƙwallo da ido, da ya waiwayo sai ya ga yaro shi kaɗai a fili fetal, ya ɗaga. 'Yan kallo ma abin da suka gani ke nan, domin idon ɗan kallo yana tafiya ne tare da ƙwallo. Sai da ƙura ta lafa na zauna da mai tutar, na tambaye shi ina yaron yake lokacin bugu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, ƙwallon nake kallo."

Haka kuma akasinsa. Mutum yana can ciki lokacin da aka buga, sai ya dawo da gudu ya karɓi ƙwallo a gaban 'yan baya, ko ma a cikin gidansu. Wannan satar gida ce, dawowarsa ba ta wanke shi ba, kuma a inda ya taɓa ƙwallon ake ajiye bugun. Akwai ƙarin da aka yi a dokokin kakar 2025/26: idan gola ne ya jefa ƙwallo da hannu, ana aunawa ne lokacin da ta bar hannunsa.

Don haka masu tuta, mu ba mu da na'urar VAR, ba mu da kyamarorin da aka yi aiki da su a Qatar a 2022. Abin da muke da shi layin toka ne da ƙafafunku. Ka tsaya daidai da mutum na biyu daga ƙarshe, in ya matsa ka matsa, in ya ja baya ka ja. Idonka a kan layin 'yan baya, kunnenka a kan ƙwallo. Ƙarar bugu ita ce alamarka: kana jin "tim", ka riƙe hoton da ke gabanka a zuciya. Wanda ya tsaya a inuwar darbejiya taku goma daga layin, zato kawai yake yi, domin daga karkace kowa yana kama da ɗan satar gida. Kuma in ba ka tabbata ba, bar tutarka a ƙasa.

To, ka gan shi a wurin satar gida lokacin bugu. Kada ka yi garaje, jira ka ga abin da zai yi. Hanya mafi sauƙi ita ce ya taɓa ƙwallon da abokinsa ya buga; yana taɓawa ka ɗaga. Amma a ce mai lamba 11 yana can gefen hagu cikin satar gida, aka zura ƙwallo ta dama ga mai lamba 7 da ya taso daga baya, ya ci. Ƙwallo ta ciwu, na hagu bai tsinana komai ba. In kuma 7 ɗin ya kai ƙwallo gaba har ya wuce 11, sannan ya gangaro masa da ita baya, 11 zai iya ci hankali kwance, domin sabon bugu sabon awo ne, kuma yanzu yana bayan ƙwallo.

Mai wuyar ita ce hana abokin hamayya wasa ba tare da an taɓa ƙwallo ba. A nan ne ake yi mini ihun "ai bai taɓa ba!" Gaskiya bai taɓa ba, amma dokar ta kama shi in ya tare wa gola gani ƙarara, ko ya yi kokawar ƙwallo da ɗan baya, ko ya kai wa ƙwallon da ke kusa da shi bugu har hakan ya shafi abokin hamayya, ko ya yi wani motsi bayyananne da ya hana shi kaiwa ga ƙwallo. A ce an dannawo ƙwallo daga wajen yadi 18, ɗan gaba yana tsaye a gaban hancin gola, ya sunkuya ta wuce ta samansa ta shiga. Gola bai ga tasowarta ba sai iskarta. Wannan a soke. Amma in ɗan gaban yana can jikin ɗaya turken, gola yana ganin komai, ƙwallo ce kawai ta fi ƙarfinsa, to ta ciwu.

Ko manyan alƙalai suna shan surutu a kan wannan. A gasar Turai ta 2024 an soke ƙwallon Xavi Simons ta Holland a ragar Faransa, saboda abokin wasansa Dumfries yana tsaye gab da gola Maignan ta ɓangaren da ƙwallo ta bi, aka ce ya hana shi faɗawa. A Janairun 2023 kuwa, wasan Manchester United da City, Rashford yana cikin satar gida ya bi ƙwallo da gudu mai nisa bai taɓa ba, Bruno Fernandes ya zo ya buga, aka bar ta. Na san 'yan gidan kallo har yau ba su gama musun nan ba. A ganina gudun Rashford ya rikita 'yan baya da gola, da ni ne da na hura. A filinmu tambaya ɗaya zan yi wa kaina: shin akwai wanda zai iya kaiwa ga ƙwallon nan amma wannan mutumin ya hana shi, ko ya toshe masa ido? Mai tuta daga gefe ba ya iya ganin ko an tare wa gola gani, ni da ke tsakiya nake gani. Saboda haka in ƙwallo ta shiga kana da shakka, ka tsaya cak a inda kake, zan zo mu yi magana kafin a mayar da ita tsakiya.

Saura ƙwallon da ta dawo. In ta bugi turke ko sandar sama, ko gola ya doke ta, ko ta goge jikin ɗan baya, ta faɗa wa wanda yake cikin satar gida tun lokacin bugun farko, laifi ne. Amma in ɗan baya ya ga ƙwallo tana zuwa, yana da sarari da lokaci, ya buga ta da gangan sai ta kauce ta tafi wajen ɗan gaba, ya wanke shi. Miƙa ƙafa cikin ruɗewa ga ƙwallo mai gudu ba ya cikin wannan. Bayan cece-ku-cen ƙwallon Mbappé a ragar Sifaniya a 2021, wadda ɗan bayan Sifaniya Eric García ya ɗan shafa, IFAB ta fito a 2022 ta fayyace wannan bambanci.

Babu satar gida ga wanda ya karɓa kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gola daga gida. A bugun tazara akwai. Ɗan bayan da ya fice ta bayan raga don a kama ɗan gaba kuwa, ana ƙirga shi kamar yana kan layin raga. Hukuncin satar gida bugun tazara ne wanda ba a ci kai tsaye, za ku ga na ɗaga hannu ɗaya sama har sai wani ya taɓa. Babu kati a kanta.

Kyaftin, ku gaya wa 'yan bayanku su daina tsayawa suna ɗaga hannu. Tuta ba ta tsayar da wasa, usur ke tsayarwa. Masu tuta huɗun da kwamiti ya zaɓa, mu haɗu a fili ranar Laraba bayan la'asar, kowace ƙungiya ta turo yara uku mu gwada waɗannan misalai da ƙafa. A zo da toka buhu ɗaya, layin tsakiya ya goge tun damina.