Alhamdulillahi, mun shiga gidanmu a Jambutu

Hannun da kuke gani a hoton nan na Inna ne. Ita na miƙa wa makullin, ta yi bisimilla ta buɗe ƙofa, sai ta tsaya a bakin zaure tana goge ido da gefen mayafi, ta kasa cewa komai.

Kwana uku ina jujjuya hoton a waya kafin in saka shi. Yayata ta ce, "Ƙanwata, rufe abinki, ido guba ne." Gaskiyarta, Manzon Allah (SAW) ma ya ce kambun baka gaskiya ne. Amma kuma ƙarshen Suratul Duha ya umarce mu da faɗin ni'imar Ubangiji, kuma akwai mutanen da ba zan iya ɓoye wa wannan farin ciki ba, don da guminsu a ciki.

Shekara 11 muka yi muna haya a Yelwa, nan Garwa. Ɗaki ɗaya ne, keken ɗinkina a bakin ƙofa, katifar yara jingine da bango. Idan ruwan Agusta ya sauko sai mu jera roba uku a ƙasa muna taron yoyo, ni kuma in rungume atamfofin mutane kada su jiƙe. A watan azumi, ɗinkin Sallah kan kai ni har sahur ban tashi daga kan keke ba. Duk Juma'a ina zuba sefa 10,000 a adashi, wani makon da ƙyar, wani makon sai maigida ya cika min. Sarƙar aurena ma a ciki ta tafi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Gidan ƙarami ne: ɗaki biyu da falo, sai darbejiya guda a tsakar gida. Ba a jawo famfo ba tukuna. Amma namu ne, takarda ta fito da sunanmu.

Na san abin da aka saba rubutawa a irin wannan rana, wai hassada ga mai rabo taki ce. Ni ban ɗauki kowa maƙiyi ba. Na san yadda ƙirji yake yin nauyi idan ƙawarka ta tare a gidanta alhali mai gidan haya ya ƙara maka kuɗin wata, don ni ma na ji shi, na yi istigfari na yi mata addu'a. Wanda ya ji haka yau, wallahi ban riƙe shi ba. Roƙona ɗaya ne, ku ce Masha Allah, la ƙuwwata illa billah. Allah Ya ba duk mai haya nasa, mafi alheri da wannan.

Uwar adashinmu da matan layinmu na kasuwa, Allah Ya saka muku. Maigida, na gode da haƙurinka. Baba, Allah Ya kai haske kabarinka, na so a ce ka zauna a inuwar bishiyar nan.

Kuɗin gidan kam ku yafe min, ba zan faɗa ba. Ranar Juma'a bayan La'asar za a yi saukar Alƙur'ani a gidan, akwai kunun gyaɗa da ƙosai. Mata ku zo da tabarmi, namu ba za su isa ba.